Waƙafin da ke raba ma'ana biyu: who, which da that a jimlar Turanci

A ce manajan wani kamfani ya manna sanarwa a bakin ƙofa ranar biyan albashi. Ga yadda zai iya rubuta ta, hanya biyu:

*The drivers who arrived late will not be paid.*

*The drivers, who arrived late, will not be paid.*

Kalmomin duk ɗaya ne, jerinsu ma ɗaya, amma direban da ya iya karatu zai san cewa ba magana ɗaya aka yi ba. A ta farko, direbobin da suka makara su kaɗai ne za su rasa albashi, wanda ya zo da wuri kuwa ya je ya karɓi kuɗinsa. A ta biyu babu wanda ya tsira. Ana maganar direbobin ne gaba ɗayansu, an kuma ƙara mana bayani cewa duk sun makara, saboda haka kowa zai koma gida hannu rabbana. Abin da ya jawo wannan bambanci waƙafi ne guda biyu.

Guntun nan *who arrived late* shi ne masana nahawun Hausa ke kira ganga dogarau. Yana da aikatau nasa, amma ba ya iya tsayawa shi kaɗai, sai ya jingina da wani suna da ya gabace shi. Aiki biyu yake yi, kuma a kowace jimla ɗaya daga ciki yake yi. Ko dai ya zaɓo wasu daga cikin taro, ya nuna mana waɗanda ake nufi, ko kuma ya ƙara bayani a kan abin da an riga an san shi. Na farko zan kira shi mai tantancewa, na biyu mai ƙarin bayani. Mai tantancewa ba ya ɗaukar waƙafi ko kaɗan. Mai ƙarin bayani kuwa dole a killace shi da waƙafi gaba da baya, sai fa idan shi ne ƙarshen jimla, inda aya za ta maye gurbin waƙafi na biyu.

Mutane da yawa sun tashi da koyarwar cewa waƙafi wurin hutawa ne, duk inda numfashi ya ƙare sai a ɗiga shi. Wannan koyarwa ita ce tushen ɓarnar. Gaskiya ne wanda Turanci harshen uwarsa ne yakan ɗan dakata, ya sassauta murya, idan ya zo kan ganga mai ƙarin bayani. Amma dakatawar ma'ana ce ta haifar da ita. Ganga mai tantancewa zai iya yin tsawon layi biyu, mai karatu ya yi haki kafin ya kai ƙarshe, duk da haka ba a sa masa waƙafi.

Tambayar da ta fi amfani ita ce a tsaya a kan sunan da ya gabaci *who* ko *which*, a rufe sauran jimlar da hannu, a tambayi kai: shin mai karatu ya riga ya san wanda ake nufi, ko zai ce "wanne daga ciki?" Idan zai tambaya, to gangan da ke biye shi ne amsar, kuma ba a raba tambaya da amsarta da waƙafi. Idan kuwa ba shi da abin tambaya, duk abin da ya biyo baya ƙari ne. Duba wannan:

*Abuja, which became the seat of government in 1991, lies near the centre of the country.*

Ba wanda zai ce "wace Abuja?" Sunan ya wadatar. Maganar komawar gwamnati can a 1991 ƙarin bayani ne, idan aka cire ta jimlar tana nan da ƙafafunta. Amma a *The city that replaced Lagos as capital is Abuja*, da zarar an ce *the city* mai karatu zai ce wane birni, kuma gangan da ke biye ne ya ba shi amsa. Cire shi, sai a bar ka da *The city is Abuja*, maganar da ba ta da kai balle gindi.

Inda abin ya fi daɗin dubawa shi ne wajen 'yan uwa da dangi, domin a nan waƙafi yana tona abin da marubuci bai yi niyyar faɗa ba. Wanda ya rubuta *My brother who lives in Maradi is a tailor* ya nuna cewa yana da 'yan uwa maza fiye da ɗaya, na Maraɗin ne tela. Wanda ya rubuta *My brother, who lives in Maradi, is a tailor* ya nuna ɗaya gare shi tal, ko aƙalla ɗaya ne ake magana a kansa tun farko. Littattafan Turawa sukan kawo *my wife who* a matsayin kuskure mai ban dariya, saboda a wajensu mace ɗaya ce, rashin waƙafin kuma yana nuna akwai wata. A wajenmu jimlar tana iya zama daidai ɗari bisa ɗari. Magidanci mai mata biyu da ya rubuta *My wife who teaches at the primary school is on leave* bai yi kuskuren komai ba, ya bambance malamar da abokiyar zamanta ne. Wannan ya nuna cewa ba a haddace ƙa'idar da jerin kalmomi. Abin da yake a zahiri, da abin da mai karatu ya riga ya sani, su ne ke yanke hukunci. Mahaifiya dai ɗaya ce a ko'ina, don haka *my mother, who* da waƙafinsa yake tafiya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan rabe-raben, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Muna cewa "direbobin da suka makara ba za a biya su ba", da ɗan "da" ɗin nan manne da suna, babu tsayawa. Idan kuma ƙarin bayani muke so, sai mu ce "direbobin, waɗanda dama duk sun makara, ba za a biya su ba". Kunne yana jin bambancin nan take. Saboda haka dabara ce mai kyau mutum ya mayar da jimlar Turancin Hausa a zuciyarsa. Idan ta zauna da "da" kuma tana ware wasu daga wasu, kada a sa waƙafi. Idan sai an sa "wanda" ko "wadda" ko "waɗanda" tare da ɗan dakatawa, har ana jin za a iya cusa "dama" a ciki, to waƙafi ya wajaba. Sai dai dabarar tana da iyaka. A maganar yau da kullum mukan ce "babana da ya haife ni" ko "Kano da kowa ya sani", alhali ba wani uban ko wata Kanon muke warewa ba. Haka kuma "wanda" yana iya tantancewa, kamar a "ina neman yaro wanda ya iya ɗinki". Don haka Hausar tana haska hanya ne, amma tambayar "wanne daga ciki?" ita ce alƙali.

Yanzu ga kalmomin uku. *Who* na mutane ne. *Which* na abubuwa ne da dabbobi, ba a cewa *the man which came*. *That* yana shiga wa kowanne, mutum ko abu, amma da sharaɗi guda mai ƙarfi: a ganga mai tantancewa kaɗai yake aiki. Ana iya cewa *the woman who sells millet* ko *the woman that sells millet*, duka sun halatta, ko da yake a rubutu na ofis *who* ya fi karɓuwa ga mutum. Amma *Zinder, that lies north of Kano* kuskure ne, sai dai *Zinder, which lies north of Kano*. Wannan ya ba mai gyaran rubutu wata alama mai sauƙin gani. Duk inda ya ga waƙafi sannan *that* ya biyo yana bayanin sunan da ya gabace shi, to akwai matsala: ko dai waƙafin ne bai kamata ya zo ba, ko kuma *which* ko *who* ake bukata. Wani wurin da *that* ba ya shiga shi ne bayan ƙananan kalmomi irin su *in*, *to* da *with*. Ana cewa *the house in which we live*, ko *the house that we live in*, amma *the house in that we live* ba Turanci ba ne.

Sauran rigimar tana kan *which* marar waƙafi. Shin *the car which I bought* daidai ne, ko sai *the car that I bought*? A 1926 wani Bature ɗan Ingila mai suna Henry Fowler ya fitar da ƙamus na amfani da Turanci, inda ya ba da shawarar a raba aikin: a bar wa *that* tantancewa, a bar wa *which* ƙarin bayani. Shawara ce ya bayar, shi da kansa ya san manyan marubuta ba haka suke yi ba. Amurkawa suka ɗauke ta suka mayar da ita doka a gidajen jaridu da na ɗab'i, har editocinsu kan bi rubutu suna farautar kowane *which* marar waƙafi. A Birtaniya kuwa har gobe ana rubuta *the car which I bought* ba tare da wani ya ɗaga gira ba, kuma Turancin makarantun Najeriya da Ghana daga na Birtaniya ya samo asali. Ko a Amurkar ma, shugaba Franklin Roosevelt, a jawabinsa na 8 ga Disamba 1941 bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor, cewa ya yi *a date which will live in infamy*, kuma ba a ji wanda ya ce ya karya nahawu ba.

Ni a ganina malamin da ya soke wa ɗalibi *which* mai tantancewa da jan biro ya zalunce shi, domin ba kuskure ba ne. Amma duk da haka ina ba mai rubuta takardar yarjejeniya, ko wasiyya, ko sanarwar ofis shawarar ya bi tsarin Fowler. Dalili kuwa shi ne waƙafi ƙaramin abu ne, yana iya ɓata wajen bugawa, ko tawada ta cinye shi a kwafi na uku. Idan *which* ne a wurin, ɓatan waƙafin ya juya ma'ana ke nan ba wanda ya lura. Idan kuwa *that* ne, kalmar da kanta tana shaida cewa tantancewa ake yi.

Akwai misali na gaske da ya nuna nauyin abin. A 1984 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka. Walter Mondale, ɗan takarar jam'iyyar Dimokuraɗiyya, ya fito fili a watan Yuli ya ce idan ya ci zai ƙara haraji. A watan Agusta jam'iyyar Republican ta shugaba mai ci Ronald Reagan ta taru a birnin Dallas don tsara takardar manufofinta. Daftarin farko yana ɗauke da wannan magana:

*We therefore oppose any attempts to increase taxes which would harm the recovery*

Jimlar ta ci gaba, amma nan ne wurin da ya dame mu. Mu bi ta da tambayarmu. An ce suna adawa da yunƙurin ƙara haraji. Wane irin ƙari? Babu waƙafi bayan *taxes*, don haka gangan da ke biye tantancewa yake yi: irin ƙarin da zai cutar da farfaɗowar tattalin arziki, shi suke ƙi. Ke nan akwai wani irin ƙarin harajin da ba zai cutar ba, kuma jam'iyyar ba ta ce komai a kansa ba. An bar wa shugaba ƙofa a buɗe, idan gobe ya ga dole ya ƙara haraji sai ya ce wannan ba ya cikin masu cutarwa. Masu tsattsauran ra'ayi a cikin kwamitin tsara takardar suka gane haka, suka matsa sai da aka ɗiga waƙafi ɗaya:

*We therefore oppose any attempts to increase taxes, which would harm the recovery*

Yanzu maganar ta cika a kan *taxes*. Suna adawa da duk wani yunƙurin ƙara haraji, ba togiya. Abin da ya biyo baya ya koma dalili kawai, wato kowane ƙari cutarwa ne. Da wannan sigar aka amince. A lura cewa da masu daftarin farko sun rubuta *that would harm*, da ba a iya juya musu magana da ɗigon alƙalami ɗaya ba, sai an canza kalma, kuma canza kalma abu ne da kowa zai gani.

Wannan misali ya kawo mu ga wani aikin da *which* ke yi wanda *that* da *who* ba sa yi. Bayan waƙafi, *which* yana iya komawa ga dukan maganar da ta gabata, ba ga suna ɗaya ba. *He sold the farm, which angered his brothers* na nufin sayarwar ce ta ɓata wa 'yan uwansa rai, kamar yadda za mu ce "ya sayar da gonar, abin da ya fusata 'yan uwansa". Cire waƙafin, sai ta koma gonar da ke ɓata musu rai ce ya sayar, watakila ma sun ji daɗin rabuwa da ita. A nan akwai tarko ko da waƙafin yana wurinsa. *She rejected the report, which surprised the committee*: rahoton ne ya ba kwamitin mamaki, ko ƙin karɓarsa? Nahawu ya yarda da duka biyun. Idan marubuci ya ga haka, gara ya fasa jimlar biyu, ko ya faɗi abin da yake nufi da sunansa, misali *a decision that surprised the committee*.

Kuskuren da na fi gani a rubutun ɗalibai da na ma'aikata shi ne waƙafi guda maimakon biyu. A buɗe, a manta a rufe: *The principal, who signed the letter has travelled*. Ko kuma a ƙi buɗewa a rufe: *The principal who signed the letter, has travelled*. Na biyun ya fi muni, domin waƙafin ya shiga tsakanin aikau da aikatau ya raba su, kuma mai karatu ba zai san wace ma'ana ake nufi ba. Waƙafin ƙarin bayani kamar ƙyauren shago ne mai ganye biyu, rufe ɗaya a bar ɗaya bai hana komai shiga ba. Hanyar ganewa ita ce a ɗora yatsa a kan waƙafin farko, a nemi inda gangan ya ƙare, wato dab da babban aikatau na jimlar, a duba ko na biyun yana nan. Sannan a karanta jimlar ba tare da abin da ke tsakaninsu ba. *The principal has travelled* ta tsaya daidai, to an killace abin da ya kamata.

Wani kuskuren kuma daga Hausa muke ɗauko shi kai tsaye. Mu a harshenmu daidai ne a ce "mutumin da na ba shi kuɗi" ko "gidan da muke zaune a cikinsa". Mukan sake ambaton mutumin ko abin da wakilin suna a cikin gangan. Turanci ba ya yarda da haka, domin *who*, *which* ko *that* ya riga ya riƙe wannan gurbin. Saboda haka *the man who I gave him money* kuskure ne, sai *the man who I gave money to*, ko a rubutu mai nauyi *the man to whom I gave money*. Haka nan *the book that I bought it* sai an jefar da *it*. Duk wanda ya ga *him*, *her*, *it* ko *them* a cikin ganga dogarau, ya duba ko yana nufin sunan da gangan ke bayani ne. Idan shi ne, ya goge shi.

Akwai kuma gwaji na ƙarshe da ke tabbatar da irin gangan da ake da shi a hannu. A ganga mai tantancewa, idan *who*, *which* ko *that* yana matsayin karɓau ne, ana iya jefar da shi baki ɗaya. *The car that I bought* tana iya zama *the car I bought*, domin *I* ne ya yi sayen, motar karɓa ta yi. Idan kuwa shi ne aikau, ba a taɓa shi: *the car that hit the wall* ba za ta zama *the car hit the wall* ba, wannan ta koma wata jimlar dabam. A ganga mai ƙarin bayani ba a jefar da shi ko yana wane matsayi. *My car, which I bought in Cotonou, is old* ba ta yiwuwa a ce *My car, I bought in Cotonou, is old*. Don haka idan ka cire kalmar ka ji jimlar ta zauna lafiya, ka tabbata tantancewa take yi, kada waƙafi ya kusance ta.

Sai dai kada a ɗauka kowace jimla tana rabuwa gida biyu sarai haka. Idan sunan ba sananne ba ne, wato yana ɗauke da *a* ko *an*, sau da yawa bambancin kan yi siriri. *I met a trader who speaks French* da *I met a trader, who speaks French* kusan labari ɗaya suke bayarwa, sai dai ta farko ta sa jin Faransancin a tsakiyar magana, ta biyu ta mayar da shi abin da aka tuna daga baya. Haka kuma sunan mutum, da muka ce yawanci yana jawo waƙafi, yana iya ƙin sa idan masu sunan sun yi yawa. A ajin da ke da Musa uku, malami zai rubuta *the Musa who sits by the window*, babu waƙafi, har da *the* a gaban sunan, domin a wannan ajin "wane Musa?" tambaya ce da ke bukatar amsa.